Kundin shirin bidiyon yajin Yaya, daga farkon Oktoba zuwa makon fitowa

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Yaya ta tsayar da rana. Ranar 1 ga Nuwamba yajinta zai fita da sunansa da tambarinsa, a kwalba mai murfi da sitika, ba a ƙullin leda kamar yadda ta shekara huɗu tana sayar wa maƙwabta da matan ofis ɗinsu ba. Kala uku ne: yajin daddawa, yajin tafarnuwa da yajin ƙuli. Kwalba biyu, ƙarama mai giram 100 da babba mai giram 250.

Ta ce da ni, "Auta, ke ce mai waya a hannu. Ina son kullum a ga yajin nan har watan ya ƙare." Wato bidiyo talatin gajeru, a TikTok da Instagram da WhatsApp Status. Na karɓa. Kuɗin da ta ware wa wannan ɓangaren naira 60,000 ne, har da data da cefanen abincin da za a ɗauka.

Da daddare na zauna na rubuta talatin ɗin a littafi. Cikin minti arba'in na gama.

Talata, 7 ga Oktoba

Saurin gamawar nan ta jiya ita ce ta fara ba ni tsoro, don haka da safe na karanta wa Umma jerin tana tsince shinkafa. Kwalba a kan faranti. Kwalba tana juyawa. Hannu yana buɗe kwalba. Kwalba uku a jere. Yaji yana zuba daga kwalba. Ban kai na goma ba ta ɗago kai ta ce, "To ai duk abu ɗaya kike faɗa mini."

Gaskiyarta. Abin da na rubuta bidiyo ɗaya ne sau talatin, an canza masa wurin zama kawai. Na ɗauka bambanci shi ne yau a ɗauka daga sama, gobe daga gefe, jibi a shimfiɗa wata atamfa a ƙasa. Amma wadda ta ga na farko ta riga ta san duk abin da na talatin zai gaya mata: akwai yaji a kwalba. Ba ta da dalilin tsayawa a na biyu.

Na yage shafin. Na roƙi Yaya ta ba ni wayarta ta kasuwanci, na bi saƙonnin kwastomominta na wata shida ina fitar da tambayoyin da ake yi mata. Ga waɗanda suka fi maimaituwa: yana da zafi sosai? Akwai dunƙule a ciki? Wata nawa yake yi bai lalace ba? A ina ake daka shi, injin unguwa ne ko na gida? Yara za su iya ci? Nawa ne, kuma kuna aikawa Abuja da Kaduna? Wata ma ta tambaya me ya sa wanda ta saya ya dunƙule da damina.

Daga nan zan sake gina jerin. Ƙa'idar da na sa wa kaina: kowane bidiyo sai na iya rubuta a layi ɗaya abin da mai kallo ya sani bayan ya gani, wanda bai sani ba a da. In layin ya yi daidai da na wani bidiyon, ɗaya ya fita.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kwana biyu ina kai. Tambayoyin sun rabu gida biyar da kansu, kuma su ne fuskokin da watan zai tsaya a kai.

Na farko shi ne aikin hannu, bidiyo shida: zaɓen barkono a kasuwa, cire hancinsa, shanya, soya daddawa sama-sama don ta saki danshi, niƙa da tankaɗe, sai cika kwalba a kan sikeli. Waɗannan suna amsa tambayar tsafta ba tare da an furta kalmar tsafta ba. Duk mai sayar da abinci yana cewa kayansa masu tsafta ne, kunne ya gaji da ji. Amma idan mutum ya ga an shimfiɗa barkono a kan tire an rufe da raga, ba a bakin titi ba, ya fahimta.

Na biyu, yaji a kan abinci, guda bakwai: ɗanwake, garau-garau, awara, dafaffen dankali da mai, gurasa, wainar fulawa, da dafaffen ƙwai. Wannan aikinsa tayar da kwaɗayi, kuma shi nake sa ran zai fi yawo a wurin waɗanda ba su san mu ba.

Na uku, Yaya tana amsa tambaya ɗaya ɗaya, guda biyar. Na huɗu, mutanen da ke bayan kwalbar, guda uku: Umma da ta koya mata haɗin, mai barkonon da take saye a wurinsa, da ranar da ta fara sayarwa. Na biyar shi ne farashi da yadda ake oda, guda uku kacal.

Jimilla 24, ba 30 ba. Da gangan na bar kwana shida babu komai: Juma'o'in watan guda huɗu, da ranar 17, da ranar 30. Yaya ba ta so haka ba, ta ce ai kullum muka yi alkawari. Na ce mata za a saka, amma ba yanzu za a ɗauka ba. Tambayoyin da na samo na tsofaffin kwastomomi ne, waɗanda suka riga suka ɗanɗana. Baƙi za su zo da nasu, kuma ba mu san su ba sai an fara. Idan na cika kowace rana tun yanzu, ranar da wata ta yi tambaya mai kyau a ƙasan bidiyo ba ni da gurbin amsa mata. TikTok da Instagram duk suna bari a amsa sharhi da bidiyo, sharhin ya fito a jikin hoton, kuma irin wannan amsar ba a iya shirya ta kafin lokaci.

Wajen jerawa kuma doka biyu. Fuska ɗaya ba za ta fito kwana biyu a jere ba. Na farashi kuma ba zai fito ba sai ranar da akwai kwalabe a ƙasa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Sayayya a Sabon Gari. Mariƙin waya mai ƙafa uku, 9,000. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuya, 14,000. Farin kwali biyu, 1,200. Data, 10,000. An kashe 34,200, saura 25,800. Na fasa sayen fitilar zobe, kuɗin ba zai kai cefane ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Zama da Yaya a kan kalmomi, kuma ya ɗauke mu tun bayan la'asar har isha.

Lambar NAFDAC ta yajin daddawa da na tafarnuwa tana hannu. Ta na ƙuli ba ta fito ba tukuna, domin shi Yaya ta shigar daga baya. Mun yanke cewa ba zai shiga talla ba sai lambarsa ta zo. Wannan ya taɓa bidiyo biyu da na gina a kansa, na gurasa da na awara. Gurasa ba ta tafiya sai da ƙuli, don haka na cire ta na sa dambun shinkafa a gurbinta. Awara kuma za ta tafi da na tafarnuwa.

Hukumar tana duba tallan kayan abinci da ta yi wa rajista, Yaya ce ke bin wannan ɓangaren, kuma ta ce tana buƙatar rubutun abin da za a faɗa kalma da kalma. Hakan ya tilasta mini rubuta duk maganar da ke cikin bidiyon tun yanzu, ya kuma fito da wata matsala. A amsar tambayar citta da kanumfari, Yaya ta saba cewa suna maganin sanyi da mura. Haka ake faɗa a gida, haka Umma take faɗa. Amma yaji abinci aka yi masa rajista, ba magani ba, kuma da zarar an ce yana warkar da wani abu an shiga hurumin da ba namu ba. Mun cire. Abin da za ta ce shi ne me ke ciki: barkono, daddawa, citta, kanumfari, masoro, gishiri da dunƙule. Ta so a tsallake dunƙulen tunda wasu suna gudunsa. Na ce yana rubuce a sitika, kuma tambayar tana cikin waɗanda aka fi yi. Gara ta faɗa da bakinta, mai gudu ya sani tun kafin ya biya.

Talata, 14 ga Oktoba

Na jera ranakun ɗauka. Ba bisa jerin kalanda za a ɗauka ba, bisa wurin da kyamara take. Duk na abinci rana ɗaya a kicin, duk na amsa tambaya rana ɗaya da Yaya a zaune, na aikin hannu kuma ranar da za a yi dakan gaske. Kasuwa ita kaɗai. Rana huɗu ke nan maimakon ashirin da huɗu.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ranar abinci, kuma ta lalace gaba ɗaya. Zan rubuta dalla-dalla don kada a sake.

Mun fara bayan magariba saboda sai lokacin Yaya ta dawo daga aiki. Cefane ya ci 11,500. Na ɗauki abinci huɗu a kicin a ƙarƙashin ƙwan fitila biyu. A fuskar waya komai lafiya, don hankalina yana kan abincin. Sai da na zauna na buɗe su na ga wasu layuka masu duhu suna gangarowa a hankali daga sama zuwa ƙasa, kamar inuwar fanka. A kan farin faranti suka fi fitowa.

Dalilin shi ne wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙwan fitila mai araha yana dishewa ya dawo sau 100 a daƙiƙa tare da ita. Ido ba ya gani. Wayata kuma tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, talatin ba ya raba ɗari daidai, don haka kowane hoto yana kama hasken a wani mataki dabam. Da 25 take ɗauka da sun dace, amma tawa ba ta ba da wannan zaɓin. Na kuma yi kuskuren ɗaukar zubar yaji da `Slow motion`, a nan abin ya fi muni, hoton har ƙyaftawa yake.

Ban da layukan, launin ma ya tafi. Yajin daddawa ja ne mai duhu, amma hasken ƙwan ya mai da shi kamar ƙasa. Kuma wutar ta ɗauke a tsakiya, maƙwabta suka tayar da janareta, ƙarar ta shiga cikin sautin soyuwar awara, wanda shi ne rabin daɗin bidiyon.

Babu abin da za a iya tsira da shi. Abincin dai an ci, amma kuɗin cefanen ya tafi. Saura 14,300.

Abin da zan riƙa yi daga yau: kafin a ɗora tukunya, in ɗauki farin faranti na daƙiƙa goma a wurin, in kalla a tsanake da hasken waya a ƙure. In akwai layi, a nan zai nuna.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mun sake, a tsakar gida. Na sa tebur a inuwar katanga daga ƙarfe 8:00 zuwa kusan 10:30, kafin rana ta haura ta faɗo a kai. Hasken rana kai tsaye yana sa mai ya yi ƙyalli har ba a ganin abincin, inuwa mai haske ita ce daidai. Farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske kan faranti. Babu layi ko ɗaya, kuma jan yajin ya fito yadda yake.

Don cefane ya yi sauƙi, mun dafa kaɗan kaɗan a ƙaramin faranti, kyamara ta matso kusa. Ɗanwake goma sha biyu sun cika hoto. Kuɗi 7,800 ga abinci bakwai, tunda wake da shinkafa daga gida aka ɗiba. Saura 6,500.

Abin da na koya a kan ɗanwake: yana bushewa ya dushe cikin minti biyu bayan an tsame. Sai an saita komai, an gwada da faranti babu komai, sannan a tsamo, a zuba mai, a barbaɗa. Kowane abinci na ɗauke shi iri uku, daga sama, daga gefe daidai bakin faranti, da kuma kusa sosai lokacin da yaji yake sauka. A tsaye duka, 9:16.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kasuwar Rimi da safe. Mai barkonon ya yarda a ɗauki hannunsa da kayansa da muryarsa, ban da fuska. Na ce, "Baba, ya ake gane barkonon da ya bushe da kyau?" Ya ɗebo ya girgiza a kusa da makirfo, 'ya'yan ciki suka yi ƙara, ya karya ɗaya ya ɓalle ƙas. Ya ce wanda ya lanƙwashe bai karye ba akwai sauran ruwa a jikinsa, shi ne ke sa yaji ya dunƙule ya yi fumfuna. Daƙiƙa ashirin da biyu, ban rubuta masa komai ba, kuma ina ganin ya fi duk abin da na rubuta.

Ya kuma ce mudu ya ƙara kuɗi a kan na watan jiya.

Talata, 21 ga Oktoba

Ranar daka. Na ɗauki sauran biyar na aikin hannu. Ƙurar barkono tana hawa gilashin kyamara ba a sani ba, hoton ya yi hazo. Biyu na farko sai da na sake. Yanzu ina gogewa kafin kowace ɗauka, kuma wajen tankaɗe ina tsayawa ta inda iska ke fitowa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Yaya a gaban kyamara. Sau tara muka yi ta farko. Da zarar ta kalli waya sai muryarta ta koma ta mai karanta sanarwa. Abin da ya warware shi: na ajiye takardar, na tsaya a bayan wayar na yi mata tambayar da bakina kamar kwastoma. "Hajiya, wannan yajin naku wata nawa yake yi?" Sai ta amsa mini ni, da muryarta ta kullum, har da ɗaga kwalba ta nuna inda aka buga ranar ƙarewa, ta ce a riƙa ɗiba da busasshen cokali a rufe da kyau. Kalmomin ba su kauce wa abin da muka rubuta ba, don ta riga ta haddace su. Sauran huɗun cikin awa ɗaya muka gama.

A na farashi na canza shawara. Da ta faɗi kuɗin da baki, 1,500 ƙarama, 3,200 babba. Amma maganar mai barkono ta tsaya mini. Idan ta ƙara ko da naira 200 a tsakiyar wata, bidiyo uku sun mutu, ko kuma kwastoma ya zo da tsohon bidiyo yana cewa ga abin da kuka faɗa. Mun sake ɗauka tana cewa "ga farashin nan a rubuce", kuɗin ya zama rubutu a kan hoto wanda zan iya canzawa cikin minti ɗaya in sake fitarwa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Haɗawa a CapCut. Goma sun kammala.

Matsala biyu. Salon rubutun da na zaɓa don ya dace da tambari ba shi da ɗ da ƙ da ɓ. Na rubuta "ɗanwake", harafin farko ya fito da wani salo dabam, siriri, kamar an aro shi. Na gwada salo takwas da kalmar "ƙarɓaɗa", wadda ba ta da ma'ana amma ta tara ukun, na samu biyu da suke fitar da su daidai, na ɗauki mai kauri. Rubutun maganar Yaya kuma da hannu nake bugawa layi layi. Yana cin lokaci, amma da yawa suna kallo a ofis ko a mota ba tare da sauti ba.

Ta biyu, na sa farashi a ƙasan hoto. Da na loda shi a `Drafts` na duba, sunan shafi da bayanin bidiyo sun hau kansa, alamomin gefen dama kuma sun rufe rabin kwalba. Yanzu duk rubutu yana tsakiya zuwa sama kaɗan, na bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa babu komai, kwalba kuma tana ɗan karkata hagu.

Sunan kowane fayil yana ɗauke da rana da fuska da abin da ke ciki, don kada in rikice:

```
03_abinci_danwake_v2.mp4
```

Litinin, 27 ga Oktoba

Gwaji. Tun farko Yaya tana son kowane bidiyo ya buɗe da tambari na daƙiƙa uku, tunda sunan ne sabo, shi ake so a riƙe. Ni ina ganin babu mai tsayawa don tambarin da bai sani ba. Maimakon mu yi ta ja, na yanka na garau-garau iri biyu, duka daƙiƙa 19, na rufe sitikar, na sa wani zane a madadin tambari don kada sunan ya fita kafin lokaci. Na saka su a shafina na kaina, ɗaya ranar Asabar ɗaya ranar Lahadi, duka bayan isha.

Na farko ya buɗe da zanen, sannan abinci. Matsakaicin kallo daƙiƙa 4, kuma layin da ke nuna masu ci gaba da kallo ya faɗo tun kafin shinkafa ta bayyana. Na biyu ya buɗe da yaji yana sauka a kan mai, zanen ya koma ƙarshe. Matsakaicin kallo daƙiƙa 11.

Gwaji ɗaya ne, a rana biyu dabam, kuma mabiyana 'yan uwa ne da ƙawaye, don haka ba hujja ba ce mai ƙarfi. Amma tazarar ta isa. Mun daidaita a kan cewa babu tambari a buɗewa, sai dai kwalbar da sitikarta za ta kasance cikin hoto tun daƙiƙar farko, a gefen faranti. Sunan yana nan ana ganinsa, ba a tsayar da kowa dominsa ba. Wannan ya sa zan sake ɗaukar buɗewar abinci uku da babu kwalba a ciki.

Laraba, 29 ga Oktoba

Sitikar da aka buga ta zo da kuskure, giram 250 a kan ƙaramar kwalba. Mai bugawa ya karɓi laifi zai sake, amma sai Juma'a. Na bi bidiyon duka ina dubawa. Waɗanda na ɗauka da samfurin farko lafiya suke. Buɗewa ukun da na sake jiya da sabuwar sitika ce, kuma a biyu lambar tana karantuwa. Na yanke hoton ya matso har lambar ta fita.

Kiɗa kuma na cire shi baki ɗaya. Shafin kasuwanci ba ya samun yawancin waƙoƙin da ake yayi, sai waɗanda aka ware don talla, kuma ɗora waƙar wani a tallan kaya ba da izini ba yana iya sa a kashe sautin. Ƙarar mai a kasko da ta rariya da muryar Yaya sun wadatar.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ashirin da huɗu sun kammala. Kowanne daga CapCut nake fitar da shi in loda a kowane wuri dabam, ba na sauke na TikTok in kai Instagram, saboda tambarin TikTok da ke yawo a jiki yana rage masa tafiya a can. Babu wanda ya wuce daƙiƙa 30, don ya shiga Status bai yanke ba ko a wayar da ba a sabunta ba.

Don mu san wane bidiyo ne ke kawo ciniki, na yi mahaɗin WhatsApp mai ɗauke da saƙo a shirye, kowane dandali da nasa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Daga%20Instagram
```

Wanda ya zo ba ta mahaɗi ba, Yaya za ta tambaye shi wane bidiyo ya gani, ta rubuta a littafi. Kwalabe 120 a ƙasa. Ƙarin data 5,000, saura 1,500.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na farko ya fita ƙarfe 8:30 na dare, Umma tana ba da labarin haɗin da ta koya a wurin tata uwar. Alhamdu lillahi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Shanya, ɗanwake, tambayar zafi. Komai bisa jeri.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mako ɗaya. Na ɗanwake ya fi kowanne yawo, kallo ya haura 9,000 a TikTok, amma saƙo huɗu kawai ya kawo. Na farashi da ya fita ranar Laraba bai kai kallo 700 ba, ya kawo saƙo goma sha tara, goma sha ɗaya suka biya. Yaya ta ga haka ta ce a ƙara na farashi a rage na abinci. Na buɗe mata littafin da take rubutawa. Cikin goma sha ɗayan nan, bakwai sun ce ɗanwaken suka fara gani, suka shiga shafin, suka kalli na shanya ko na Umma, sannan na farashi ya same su. Da babu na farko da ba su iso na ƙarshe ba. Jerin zai zauna yadda yake, sai dai zan maƙale na farashi a saman shafi don duk wanda ya shigo ya gan shi.

Gurbin jiya Juma'a ya yi amfani. Mutum shida a ƙasan na ɗanwake sun tambayi abu ɗaya da babu shi a tsofaffin saƙonni: kwalbar gilashi ce ko roba, kuma ba ta fashewa a mota? Da safe na ɗauki Yaya tana naɗe kwalba tana jerawa a kwali yadda take kai wa tasha, ta matsa ta da hannu a ga roba ce mai kauri, murfin kuma da hatimi a ciki. Daƙiƙa 16. Oda uku daga Kaduna suka biyo baya kafin dare.

An sayar da 47, saura 73. Na farashi na biyu yana ranar 13, kuma idan ciniki ya ƙaru kwalaben ba lallai su kai ba, ga shi daka da shanya suna cin kwana huɗu. Yaya za ta sayo barkono gobe. Idan sabon dakan bai shiga kwalba ranar 12 ba, zan musanya na farashin da na mai barkono da ke ranar 16. Gurbin ranar 14 kuma na riƙe shi ga tambayar da ta fara taruwa tun daren jiya, ko za a yi wanda babu dunƙule, kuma wannan sai Yaya ta gwada haɗin ta ɗanɗana kafin mu ce komai.